Jera sunaye bisa tsarin haruffa tsakanin harsuna

Jera sunaye bisa tsarin haruffa shi ne shirya sunayen mutane ta yadda mai nema zai iya hasashen gurbin kowane suna ba tare da ya karanta jerin daga farko zuwa ƙarshe ba. Aikin ba ya da wuya idan sunayen duk na harshe ɗaya ne, amma yana rikicewa da zarar an haɗa sunaye daga harsuna dabam-dabam a rajista ɗaya, domin harsunan da suke rubutu da haruffan Latin ma ba su yarda da tsari guda ba, balle a shigo da rubutun Larabci ko na Rashanci ko na Sinanci. Ƙa'idar da masana fannin suka tsaya a kai ita ce, harshen mai karanta jerin ne yake yanke tsarin da za a bi, ba harshen da kowane suna ya fito daga cikinsa ba.

Tsarin lambobi da tsarin haruffa

Kwamfuta tana ajiye kowane harafi a matsayin lamba, kuma hanya mafi sauƙi a wurinta ita ce ta jera rubutu bisa girman waɗannan lambobi. A tsohon tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda Unicode, tsarin da ya ba haruffan rubuce-rubucen duniya lambobi, ya gada, manyan haruffa daga A zuwa Z suna da lambobi 65 zuwa 90, ƙananan kuma 97 zuwa 122, don haka duk sunan da ya fara da ƙaramin harafi, kamar de Vries, yana faɗawa bayan Z. Haruffa masu alama a kansu sun fi nisa, domin é yana da lamba 233, wanda hakan ke sa sunan Léon ya zo bayan Lyon, nesa da Leroy da ya kamata ya yi maƙwabtaka da shi. Haka abin yake ga haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka ga sunaye masu irin waɗannan haruffa sun taru a ƙasan jeri, kusan kullum alama ce ta cewa manhajar ta bi lambobi ne kawai.

Matakan kwatantawa

Domin magance wannan ne Unicode ya fitar da ƙa'idar jerawa da ake kira UCA, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ma'aunin ISO/IEC 14651. Ƙa'idar tana ba kowane harafi nauyi a matakai uku. Mataki na farko yana duba asalin harafi, inda e da é da E duk abu ɗaya ne. Na biyu yana duba alamomin da ke kan harafi ko ƙarƙashinsa, na uku kuma yana bambanta babban harafi da ƙarami.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, sai an kwatanta sunayen biyu daga farko har ƙarshe a mataki na farko, an ga babu bambanci, sannan a sauka zuwa na biyu. A tsakanin Léon da Leroy, bambancin é da e yana a harafi na biyu, amma ba a kula shi tukuna, ana wucewa zuwa harafi na uku, inda o ya riga r, sai Léon ya zo gaba. Alamar da ke kan é tana yin aiki ne kawai idan an haɗu da Leon da Léon, waɗanda asalin haruffansu ɗaya ne, a nan sai marar alama ya riga mai alama. Wannan tsari ya yi daidai da yadda mutum yake bincike da idonsa, domin mai neman suna ba lallai ne ya tuna ko akwai alama a kan wasalin ba.

UCA yana da teburi na asali mai suna DUCET, wanda bai dace da kowane harshe ɗari bisa ɗari ba. Gyare-gyaren da kowane harshe yake buƙata suna cikin CLDR, taskar bayanan harsuna ta Unicode, kuma daga can ne manhajoji da yawa suke ɗaukarsu.

Sunaye biyar, jeri huɗu

A ɗauki sunayen iyali guda biyar: Adler, Åberg, Odenthal, Öberg da Zeller. A Jamusanci, ma'aunin DIN 5007 ya tanadi hanyoyi biyu. A hanyar ƙamus ana ɗaukar ö tamkar o ne mai alama, don haka jerin zai zama Åberg, Adler, Öberg, Odenthal, Zeller, saboda b na Öberg ya riga d na Odenthal. A hanya ta biyu, wadda aka tanada domin jerin sunaye irin na littafin lambobin tarho, ana ɗaukar ö tamkar oe, sai Öberg ya koma Oeberg wajen kwatantawa, Odenthal kuma ya riga shi saboda d ya riga e. Dalilin wannan hanya ta biyu mai ƙarfi ne: sunan iyali ɗaya yana iya zuwa a rubuce Müller ko Mueller, kuma wanda ya ji sunan da kunne kawai yana buƙatar ya tarar da su wuri ɗaya.

A harshen Suwidin kuwa, å da ä da ö haruffa ne masu zaman kansu da suke zuwa bayan z a wannan tsari, saboda haka jerin zai zama Adler, Odenthal, Zeller, Åberg, Öberg. Harshen Denmak ma yana kai su ƙarshe, sai dai nasa haruffan ƙarshen su ne æ, ø, å, kuma yana ɗaukar ö a matsayin ɗan'uwan ø, don haka Öberg ne zai riga Åberg. Har ila yau a Denmak, inda aka maye gurbin aa da å a rubutu a shekarar 1948, sunayen da suka riƙe tsohon rubutun aa mai sautin å ana jera su ne tare da å, wato sunan da ya fara da Aa yana ƙarshen jeri.

Akwai wani tarko a wannan misali. Idan aka jera sunayen biyar bisa lambobi kawai, sakamakon zai yi daidai da na Suwidin, domin Å lambarsa 197 ce, Ö kuma 214, duk sun wuce Z. Mai gwada manhaja zai iya zaton komai lafiya, alhali dace ne kawai. Da zarar an ƙara suna mai farawa da Ä, wanda lambarsa 196 ce, zai riga Å, saɓanin ƙa'idar harshen. Gwaji nagari dole ne ya ƙunshi irin waɗannan haruffa biyu da aka san lambobinsu sun saɓa wa tsarin harshen.

A yaren shirya manhaja na JavaScript, ana zaɓar ƙa'idar ne ta hanyar ambaton harshen:

```
sunaye.sort(new Intl.Collator("sv").compare)
sunaye.sort(new Intl.Collator("de-u-co-phonebk").compare)
```

Layin farko yana bin tsarin Suwidin, na biyu kuma tsarin littafin tarho na Jamus. Ba zai yiwu a jera kowane suna bisa ƙa'idar harshensa a cikin jeri ɗaya ba, domin Öberg ba zai kasance kusa da O ga mai suna Bajamushe kuma bayan Z ga ɗan Suwidin ba tare da mai karatu ya rasa inda zai duba ba.

Harafi ɗaya mai baƙaƙe biyu

Wasu harsuna suna ɗaukar baƙaƙe biyu a matsayin harafi guda. A harshen Cek, ch yana zuwa bayan h, saboda haka Chalupa yana bin bayan Havel. Sifaniyanci ya daɗe yana ware ch da ll a matsayin haruffa na daban har zuwa shekarar 1994, lokacin da majalisun kula da harshen suka amince a jera su a cikin c da l, amma ñ ya ci gaba da zama harafi na musamman bayan n. Wannan yana nuna cewa ƙa'idar harshe ɗaya ma tana sauyawa, kuma tsohon fihirisa yana iya saɓa wa sabo.

Idan rubutun ya bambanta

Idan jeri ya haɗa rubutu iri-iri, UCA ba ya cakuɗa su. Yana tara kowane rubutu wuri ɗaya, Latin da farko, sai na Girka, na Rashanci da danginsa bayansu, Larabci can gaba, alamomin Sinanci kusa da ƙarshe, ko da yake CLDR yana ba harshe damar gabatar da nasa rubutun. Inda ake son a ga sunayen a cakuɗe, kamar a laburare, sai an mayar da su duka zuwa rubutu ɗaya bisa tsarin fassarar haruffa guda, a kuma tsaya a kansa.

Sinanci da Japananci suna da wata matsala ta daban, domin alamominsu ba su da jeri na asali. Ana jera Sinanci bisa pinyin, wato furucinsa da aka rubuta da haruffan Latin, ko bisa yawan zanen da ke cikin alama, kuma wasu alamomin suna sauya furuci idan sunan iyali ne: 单 ana karanta shi dān a magana, amma Shàn a suna. A Japan alamomi iri ɗaya suna iya samun karatu fiye da ɗaya a sunaye, shi ya sa takardun cikewa suke ware gurbi na musamman domin rubuta furucin sunan, kuma da wannan gurbin ake jerawa.

Da wane ɓangaren suna ake farawa

UCA yana kwatanta rubutun da aka ba shi ne kawai, bai san wane ɓangare ne sunan iyali ba. A Holan ana tsallake van, don haka Vincent van Gogh yana ƙarƙashin G, amma a Beljiyam irin wannan suna yana ƙarƙashin V. A Aislan, inda yawancin mutane suke ɗaukar sunan mahaifi maimakon sunan iyali, ana jera mutane da sunansu na farko. Laburare da yawa suna tsallake al- a sunayen Larabci. Saboda haka rajista mai inganci takan ajiye gurbi biyu, ɗaya na sunan da ake nunawa, ɗaya na siffar da ake jerawa da ita, wadda mutum ya duba ya tabbatar.

Sauyin ƙa'ida a rumbun bayanai

Rumbun bayanai yana gina fihirisarsa, wato jerin da yake amfani da shi domin saurin nemo bayani, bisa ƙa'idar jerawa ta lokacin da aka gina ta. A shekarar 2018, fitowar siga ta 2.28 ta glibc, wata manhajar tushe da sauran manhajoji suke dogara da ita, ta sauya tsarin jerawa a kwamfutocin Linux, sai fihirisar rubutu a rumbunan PostgreSQL da aka ɗauko daga tsohon tsari ta daina dacewa da sabon. Alamar matsalar ita ce a nemi sunan da yake cikin rumbu a rasa shi, ko suna ya shiga sau biyu a gurbin da aka hana maimaici. Maganinta shi ne sake gina fihirisar da umarnin `REINDEX` bayan kowane sauyin ƙa'ida, tare da rubuta sigar ƙa'idar da aka yi amfani da ita.