Me ya sa doka ta ɗaure hannun Babban Banki? Fashin baƙi a kan sashe na 38

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kayan masarufi a Katsina ya san allon nan da ake rubutawa "ba bashi". Mai shago da gaske yake ranar da ya rubuta. Amma idan maƙwabcinsa ya zo da magariba, yara ba su ci ba, abin da ya fi dacewa a wannan lokacin shi ne ya auna masa. Unguwa kuma ta san haka, saboda haka babu mai ɗaukar allon da muhimmanci. Mai shagon nan ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya fi alheri a faɗa jiya daban, abin da ya fi alheri a aikata yau daban. Wannan saɓani tsakanin alƙawarin jiya da maslahar yau shi ne masana tattalin arziki biyu, Finn Kydland da Edward Prescott, suka fayyace a 1977, kuma yana cikin aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2004. Shi ne kuma ke sa a fahimci wani sashe na dokarmu da mutane kaɗan suka karanta.

Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ɗora wa bankin aikin tsare darajar kuɗi da daidaita farashi. Sashe na 38, kamar yadda aka zartar da shi a wancan lokaci, ya yarda bankin ya ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi na wucin gadi idan kuɗin shiga suka gaza, amma da sharaɗi. Bashin ba zai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ta samu a shekarar da ta gabata ba, kuma sai an biya kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Idan ba a biya ba, ba a ƙara wani sai an sauke na baya. A ce bara gwamnati ta samu naira tiriliyan 10, to iyakar abin da za ta ranta biliyan 500 ne. Dalilin tsaurin shi ne, bashin Babban Banki ba kamar na sauran bankuna ba ne. Sabon kuɗi ne ake ƙirƙira, ya shigo kasuwa yana neman buhunan da ba su ƙaru ba.

Mai karatu zai iya cewa, me ya sa ba za a bar masana su duba hali su yi abin da ya dace ba? Bari mu bi lissafin da misali.

Ɗauki mai injin casar shinkafa a bayan gari, yana biyan ma'aikaci naira 100,000 a wata. Hukuma ta ce bana farashi ba zai tashi fiye da kashi 10 ba. Kowa ya yarda, aka daidaita albashi a kan 110,000 na shekara guda. Da aka gama ƙulla irin waɗannan yarjejeniyoyi a faɗin ƙasa, sai hukuma ta ga dama ta samu. Idan ta saki kuɗi farashi ya tashi da kashi 20, mai injin zai sayar da shinkafarsa da tsada alhali albashi na nan inda yake. Ƙwadago ya yi masa araha, zai ɗauki ƙarin yara aiki. Ita kanta gwamnati nauyin bashinta na naira ya ragu. A wannan shekarar, kowane jami'i mai son ganin matasa sun samu aiki zai ji kamar daidai ne ya yi hakan. Wanda ya biya kuwa shi ne ma'aikacin, domin 110,000 ɗinsa yanzu abin da 91,700 ke saye bara kawai take saya masa.

Sai dai ba a yi wa mutane wannan sau biyu. Baɗi ko hukuma ta sake cewa kashi 10, ma'aikaci zai nemi ƙarin kashi 20, mai gidan haya a Ƙofar Ƙaura zai ɗora nasa, mai ba da taki bashi zuwa kaka zai sa nasa tun yanzu. A nan ne hukuma ke faɗawa ramin da ta haƙa. Idan ta cika alƙawarin kashi 10 alhali an ƙara albashi da kashi 20, ma'aikaci ya yi wa mai injin tsada, sai ya sallami wasu. Don gudun haka sai ta saki kuɗin da zai kai farashi inda mutane suka zata. Shekara ta ƙare, yawan ma'aikata na nan yadda yake tun farko, hauhawar farashi kuwa ta ninka. Ba a samu komai ba. Robert Barro da David Gordon sun zayyana wannan lissafi a 1983, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a cikinsa shi ne ba ya buƙatar mugun shugaba. Mutumin kirki ma zai faɗa, muddin kowa ya san hannunsa a sake yake.

Amfanin ƙa'ida ke nan. Idan mutane sun tabbata hukuma ba ta da ikon yi musu ba-zata, ba za su sa tsoron ba-zatar a cikin farashinsu ba. New Zealand ta bi wannan hanya tun 1990, inda aka rubuta wa babban bankinta adadin hauhawar da zai tsaya a kai, tsakanin sifili da kashi 2, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu.

Mu a nan, ƙa'idar tana rubuce amma ba ta riƙe ba. Bashin ya yi ta taruwa shekara bayan shekara, har a watan Mayun 2023 Majalisar Tarayya ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 bashi mai dogon zango na shekara 40. Abin da doka ta ce a biya cikin shekara, jikoki ne za su ƙarasa shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

Adalci ne a ce ba wannan bashin kaɗai ya kawo tsadar ba. Cire tallafin mai, faɗuwar naira, da gonakin Batsari da Jibiya da Faskari da rashin tsaro ya hana nomawa duk suna ciki. Nan ma iyakar ƙa'ida take: ƙara kuɗin ruwa ba ya fitar da damin gero ko ɗaya. Shi ya sa ƙa'ida mai kyau kan bar ƙofa domin annoba ko fari, amma ƙofar da aka faɗi girmanta tun farko, aka kuma faɗi ranar rufe ta. A ganina gara a ɗaga iyakar a fili, a gaban majalisa, da a bar ta a takarda ana tsallakewa, domin tsallakewar ce ke koya wa kasuwa cewa maganar hukuma ba ta da nauyi. Dawo da yardar kuma da tsada yake. Amurka ta sauko da hauhawar farashi daga kashi 13.5 a 1980 zuwa kusan kashi 3 a 1983, amma sai da rashin aiki ya haura kashi 10.

Wanda ke son sanin ko an fara yarda da alƙawarin banki ba sai ya jira sanarwa daga Abuja ba. Ya duba ko mai gida zai karɓi hayar shekara biyu a farashi ɗaya, ko ɗan kasuwar da ke zuwa Maraɗi ya daina ajiye jarinsa a sefa, ko kuma tazarar da ke tsakanin farashin kuɗi hannu da na bashin wata uku ta fara raguwa.