Ma'anar `500 Internal Server Error`: sabar da ta faɗi ba ta magana

Duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawa ko ta neman aiki, sai kalmar "saba", wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ta cika Kano. A kafe-kafen intanet na Zoo Road da na Kabuga ka ji ana cewa saba ta faɗi. A rediyo ma na ji wani mai sharhi yana rantsuwa cewa da gangan aka kashe saba don a hana 'ya'yan talakawa cike fom, kuma hujjarsa hoton allon waya ne mai ɗauke da rubutun `500 Internal Server Error`. Ban san zuciyar masu shafin ba, amma hoton nan ba ya goyon bayansa. Sabar da aka kashe ba ta aiko da komai. Burauzarka ce za ta yi ta juyi har ta gaji, sannan ta ce ta kasa isa shafin. In ka ga 500, datarka ta yi aiki, saƙonka ya isa, an karɓa, har an ba ka amsa. Ka yi sallama ne aka amsa daga cikin gida, aka ce maigida ba zai samu fitowa ba, ba a kuma faɗa maka dalili ba.

Lambar tana cikin HTTP, ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita, tun rubutunta na 1996, kuma abin da take nufi ɗan kaɗan ne: saba ta ci karo da abin da ba ta zata ba, ta kasa biyan buƙatar. Ni a ganina ita ce mafi rowar bayani a duk lambobin. 404 ta faɗa maka ba a ga shafin ba. 504 ta faɗa maka sabar gaba ta jira ta baya har lokaci ya ƙare. Ita kuwa 500 kwandon shara ce, duk kuskuren da ba a tanadar masa suna ba nan ake jefa shi. Sai dai rowar da gangan ce, kuma ina goyon bayanta. Cikakken bayanin kuskure yakan ƙunshi sunayen fayiloli da inda suke zaune, wani lokaci har da sunan rumbun bayanai, kuma ba a shanya irin wannan a bakin titi. Ana rubuta shi a wani littafi na cikin gida da ake kira log.

Asalin kalmar nan yana burge ni. A Turanci ma'anarta gungumen itace. Matuƙan jiragen ruwa na da can sukan ɗaura katako a igiya mai ƙulli-ƙulli su jefa a teku, su ƙirga ƙulli nawa ya zare kafin yashin agogo ya gama zuba, da haka suke sanin gudun jirgi. Littafin da suke rubuta sakamakon sai ya ɗauki sunan katakon, daga baya aka riƙa rubuta duk abin da ya faru a tafiya a cikinsa, kowanne da lokacinsa. Shi kwamfuta ta gada. Wanda ya taɓa zama a shagon Kwari ya san irinsa: littafin da yaron shago ke rubuta wane ya ɗauki turmi kaza da ƙarfe kaza. In lissafi ya rikice da yamma ba a tsayawa musu, littafi ake buɗewa.

Littafin kuma biyu ne, kuma a nan masu koyo ke ɓata. Akwai na shiga, wanda ke rubuta kowace buƙata da ta zo: daga ina, yaushe, wane shafi, wace lamba aka mayar. Akwai na kuskure, wanda ke faɗin abin da ya lalace. Na farko yana ba ka lokaci da wuri, na biyu yana ba ka dalili. A sabar Ubuntu mai Apache, manhajar da ke amsa buƙatun shafi, suna `/var/log/apache2/access.log` da `/var/log/apache2/error.log`, mai Nginx kuma a duba `/var/log/nginx/`. Amma yawancin ƙananan shafukan garin nan hayar wuri suke yi mai allon sarrafawa na cPanel, inda kuskuren PHP, yaren da ake rubuta shirin shafin da shi, yakan sauka a fayil mai suna `error_log` a cikin foldar da shirin yake.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya kira ni wata rana bayan isha'i. "Injiniya, an yi mana kutse, saba ta faɗi." Na buɗe shafin a wayata, ga shi garau, kaya da farashi duk suna nan. Na ce, "Alhaji, me ake yi lokacin da abin ya fito?" Ya miƙa wa yaronsa wayar. Yaron ya ce sabbin kaya yake ɗorawa, wasu hotunan su hau, wasu su kawo 500, kuma na ƙarshe wajen tara saura ashirin ne. Wannan amsar ta fi mini duk bayanin Alhaji amfani, Allah ya ƙara masa kasuwa. Kuskuren da ke zuwa a aiki ɗaya tak, wani lokaci ya zo wani lokaci ya ƙi, ba halin kutse ba ne.

Na fara da littafin shiga, na tace layukan da aka mayar wa 500:

```
grep '" 500 ' ~/access-logs/* | tail -n 5
```

Duk biyar ɗin wuri ɗaya suka nuna, `POST /admin/loda.php`. Na ƙarshensu kuwa lokacinsa `19:41:07 +0000`. Yaro ya ce tara saura, littafi ya ce takwas saura, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Agogon sabar yana kan UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Na sha ganin mutum ya ɓata rabin dare yana karanta layukan awar da ba ita ba, har ya kama wani kuskure daban ya yi ta gyara. Wannan `+0000` ɗin shi ake fara dubawa.

Da lokaci a hannu na koma littafin kuskure na foldar:

```
tail -n 50 ~/public_html/admin/error_log
```

Layi arba'in da wani abu duk `PHP Warning` ne da `PHP Deprecated`. Waɗannan ƙorafi ne kawai, shiri yana yinsu yana ci gaba da aiki, kamar ƙarar tsohuwar Keke Napep da ba ta hana ta kai ka Bata. Mai koyo yakan tsorata da yawansu. Wanda ke tsayar da shiri cak shi ne mai `Fatal`, kuma ga shi a daidai 19:41:07:

```
PHP Fatal error:  Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted
(tried to allocate 32768 bytes) in /home/shago/public_html/admin/loda.php on line 42
```

Layin nan ya faɗi komai in an karanta shi a hankali. Raba 134217728 da 1024 sau biyu, za ka samu 128. Wato megabayit 128, iyakar memorin da PHP ke ba kowace buƙata in ba a canza `memory_limit` ba. Lamba ta biyu ita ke yaudarar mutane. Sai su ce, ashe ɗan abin da bai kai bayit dubu 33 ba ne ya gagara? A'a, wannan loma ta ƙarshe ce da ta tarar ciki ya riga ya cika. Sannan ga fayil, ga layi na 42. Na buɗe, na tarar da `imagecreatefromjpeg()`, umarnin da ke buɗe hoto don a rage girmansa kafin a ajiye.

Alhaji ya ce hoton ai bai fi megabayit 12 ba, yaya zai cinye 128? Tambayar mai hankali ce, kuma da kayansa na ba shi amsa. Hoton JPEG kamar dila ce da aka matse aka ɗaure. Kafin shiri ya taɓa shi sai ya kwance shi ya baza, kowane ɗigon hoto ya ci kusan bayit 4. Yaron ya sayi sabuwar waya, ya kunna mata yanayin megafiksel 48 don zanen shadda ya fito sosai. Hoton ya zama ɗigo 8000 a tsawo, 6000 a faɗi, ɗigo miliyan 48 ke nan, sau 4 ya ba da bayit miliyan 192. Wurin da aka tanada miliyan 134 ne da 'yan kai. Hotunan da suka hau lafiya kuwa waɗanda dillalai suka turo ta WhatsApp ne, shi kuma yana rage hoto kafin ya aika. Ga dalilin "wani ya hau, wani ya ƙi".

Gyaran gaggawa shi ne a shiga `MultiPHP INI Editor` a ɗaga `memory_limit` zuwa `256M`, kuma na yi hakan a daren don kaya su hau. Amma ba na son a tsaya nan. Gobe wani ya zo da waya mai megafiksel 108, mu koma gidan jiya, kuma masu ba da hayar wuri suna da iyakar da ba za su bari ka wuce ba. Washegari na sa shirin ya fara tambayar girman hoto da `getimagesize()`, wanda ke karanta awon ba tare da ya baza dilar ba. In hoto ya yi yawa, sai ya rubuta wa yaron da Hausa cewa ya rage shi. Hoto mai 1600 da 1200 ya ishi kowane mai saye ganin zane, kuma bai kai bayit miliyan 8 ba in an baza shi.

Akwai ranar da za ka buɗe `error_log` ka tarar babu komai a lokacin da kake nema. Kafin ka ce littafi ya yi ƙarya, duba ko kuskuren ya kai ga PHP ma tukuna. In an yi ɓatan rubutu a `.htaccess`, fayil ɗin saitin folda, Apache ne ke mayar da 500 tun a ƙofa, kuma alamarsa ita ce duk shafukan da ke ƙarƙashin foldar su mutu lokaci ɗaya, har da hotuna. Bayaninsa yana littafin Apache, a cPanel kuma ƙarƙashin `Errors` a sashen `Metrics`, inda za ka ga irin `Invalid command` tare da kalmar da ta gagare shi. In can ma shiru, duba ko `log_errors` a kashe yake, ka kunna, ka sake yin abin da ya jawo kuskuren kana kallon agogo. Abin da ba na yarda da shi shi ne shawarar da ake yawan bayarwa ta kunna `display_errors` a shafin da jama'a ke shiga. Za ka ga dalilin a allo, gaskiya ne, amma duk wanda ya buɗe shafin a lokacin shi ma zai gani, har da sunan asusunka da jerin foldojinka.

Alhaji dai har yau in ya ba da labarin cewa yake saba ce ta faɗi Injiniya ya tashe ta. Na gyara masa sau biyu, a na uku ya aiko mini da yadi biyar na shadda, na bar maganar.