Launukan harshen kyandir: tambayoyin da aka ishe ni da su

Malam, me ya sa wutar kyandir ba launi ɗaya ba ce?

Saboda iska ba ta kai ko'ina a cikinta daidai wa daida. Oksijin daga waje yake shigowa, abin da ake ƙonawa kuma daga tsakiya yake tasowa, wajen lagwani. Gindi da gefe suna samun iska isasshiya, ciki ba ya samu. Sauran bayanin duk a kan wannan ya hau, ka riƙe shi kada mu sake dawowa nan.

Kakin ne ke ci ko lagwanin?

Tururin kakin ne. Zafi ya narkar da kaki, lagwani ya tsotso shi sama kamar yadda tsumma ke shan ruwa, a can sama ya zama tururi, tururin ya kama. In ba ka yarda ba, hure wutar, sannan maza ka kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin da ke tashi, ɗan nesa kaɗan da lagwani. Wuta za ta bi hayaƙin ta gangara ta sake kama kyandir ɗin.

Wurin nan mai duhu kusa da lagwani, ai nan ne ya fi zafi tunda shi ne tsakiya, ko?

A'a. Wannan amsar na ba da ta har bakina ya gaji. Nan ne ma ya fi ko'ina sanyi a harshen, wajen digiri 600 na Salsiyas daf da lagwani. Tururin kaki ne cike a wurin, oksijin kuwa an cinye shi a gefe tun bai iso ba. Abu bai ci ba, ina zai ba da haske? Kada kuma jin "sanyi" ya sa wani ya tura yatsa. Digiri 600 ba wasa ba ne.

To rawayan fa, daga ina?

Daga kunkunniya, wato wannan baƙin da ke shafar bango da gindin tukunya. Mutane ba sa son jin haka, amma gaskiyar ke nan. Kakin kyandir kabon ne da haidirojin. Idan tururinsa ya yi sama ya ƙara zafi ba tare da isasshiyar iska ba, sai ya farfashe, kabon ɗin ya dunƙule ya zama ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Zafin wurin yana tsakanin digiri 1,000 zuwa 1,200, sai ƙwayoyin su yi jawur su haska, irin yadda ƙarfe ke yi a wutar maƙera. Hasken da kake karatu da shi ke nan. Suna ci gaba da hawa har su iske oksijin a gefe da kuma tsinin harshen, su ƙone ƙurmus su zama iskar CO2, irin wadda muke fitarwa da numfashi. Michael Faraday, masanin kimiyya na Ingila, ya yi ta nuna wa yara wannan a laccocinsa na birnin Landan tun a shekarar 1848, amma har gobe ana tambayata kamar jiya aka gano.

Shuɗin da ke gindi, launin kakin ne ya fito?

Ka kunna jan kyandir ka gani ko gindin zai yi ja. Sabuwar iska ta ƙasa take shigowa, don haka tururin da ke gindi yana ƙonewa kai tsaye, babu kunkunniya. Ana cikin ƙonewar sai wasu gutsattsari masu gajeren rai su samu, irin su CH da C2, su ne ke fid da shuɗin haske da ɗan kore-kore. Wato shuɗi hasken ƙonewar ne ita kanta, rawaya kuwa hasken daskararren abu ne da ya yi zafi. Hanyoyi biyu ne daban, shi ya sa ba a jera su a ma'auni ɗaya a ce wannan launi digiri kaza ne.

Amma ai an ce shuɗi ya fi zafi.

An faɗa, an kuma faɗi rabi an bar rabi. Wurin da ya fi zafi wata siririyar fata ce da ta lulluɓe harshen daga waje, inda tururi da iska ke karo, wajen digiri 1,400. Ita ma shuɗiya ce, sai dai hasken rawaya ya danne ta, da ƙyar ake ganinta. Shuɗin gindi da kowa ke nunawa da yatsa bai kai ta ba, domin iska mai sanyi ce ke bugunsa, zafin kuma sama yake tafiya. Abin da shuɗi ke gaya maka shi ne akwai wadatar oksijin a nan.

Na gitta tsinken ashana a wutar don in ga ɓangarorin, sai duk ya yi baƙi. Na sa cokali, shi ma baƙi. Ta yaya zan gane da idona?

Madalla, ga wanda ya gwada kafin ya tambaya. Ba ka yi laifi ba, gwajin ne ke da saurin ɓaci, kuma baƙi biyun da ka gani ba abu ɗaya ba ne. Na tsinke ƙuna ce. Na cokali shafa ce, sa tsumma ka goge za ta fita.

Mu fara da tsinken. Ka rufe taga da fanka, ka bar kyandir ya ci kamar minti biyu har harshen ya tsaya cak. Ka karye kan ashanar ka yar, kada ya tashi maka a hannu. Sai ka gitta tsinken a kwance, ya ratsa harshen daga wannan gefe zuwa wancan, daidai saman lagwani inda duhun yake. Daƙiƙa ɗaya, in ta yi yawa biyu, ka zare. Idan an dace za ka ga tabon ƙuna biyu, tsakaninsu kuma itace fari ko wanda ya ɗan dafe. Tabo biyun nan su ne inda tsinken ya ratsa fatar waje, farin kuma shi ne cikin da ba ya ci.

Na ce idan an dace. Naka ya yi baƙi gaba ɗaya, kuma ina zargin ɗayan abu uku. Ko dai ka daɗe, wuta ta kama daga gefe ta ci zuwa tsakiya. Ko ka sa shi can sama inda harshen ya tsuke, tabo biyun suka haɗe, ga kunkunniya ta ƙara shafe shi. Ko kuma harshen yana rawa, gefen ya yi ta share tsinken. Ƙaramin kyandir ma yakan ba da wahala, domin duhun cikinsa bai fi 'yan milimita ba. Sai ka ɓata tsinke huɗu ko biyar kafin ɗaya ya fito sosai, wannan ba komai ba ne.

Cokali kuma aikinsa daban. Ka samu mai sanyi, busasshe, ka riƙa goge shi kana barinsa ya huce tsakanin gwaji da gwaji. Ka tsoma bayansa a cikin rawaya na daƙiƙa biyu: baƙi ƙirin, domin ƙarfen ya sanyaya ƙwayoyin kabon tun ba su ƙone ba, suka manne. Ka sauko da bakinsa cikin duhun kusa da lagwani: yawanci wani ɗan maiƙo za ka samu, tururin kaki ne ya koma kaki. Ka taɓa shuɗin gindi daga gefe: kusan babu komai. Ka ɗaga shi sama da tsinin harshen, inda wuta ba ta taɓa shi: zai yi ɗan gumi na ɗan lokaci kafin ƙarfen ya ɗumama, ruwa ne da haidirojin ya haifar da ya haɗu da oksijin.

Sai dai kada ka ɗora wa cokali abin da ba zai iya ɗauka ba. Da ka tura shi ka tare hanyar iska, ka kuma janye zafi, wato harshen da kake aunawa ya riga ya canza. Kafin ka kai duhun ciki dole ka ratsa ta gefe, don haka maiƙon yakan fito da ɗan baƙi a jikinsa. Kuma yawan baƙi ba ya nufin yawan zafi, wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Cokali yana nuna maka abin da ke wurin, tsinke yana nuna maka inda zafi ya fi, kuma dukansu a ƙiyasce ne. Iyakokin ma ba layi aka ja ba, wani ɓangare yana narkewa cikin wani. Shi ya sa wani littafin zai ce maka ɓangarori uku ne, wani ya ce huɗu, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Ka ajiye ruwa kusa, kada kuma a bar yara su yi shi su kaɗai.

Kyandir ɗina yana baƙin hayaƙi. Jabu ne?

Duba lagwaninka tukuna kafin ka zagi mai kaya. Idan ya yi tsawo, yana jawo kaki fiye da abin da iska za ta iya ƙonawa, sai harshen ya yi tsawo, tsininsa ya koma ja-ja, kunkunniya ta tsere ta sama ba ta ƙone ba. Kashe, ka bari ya huce, ka datse lagwanin ya rage kamar milimita 6. In iska ce ke kaɗa shi, canza masa wuri. Lagwani mai kyau da kansa yake lanƙwasa, bakinsa ya leƙa gefen harshen inda oksijin yake, ya yi ja kamar garwashi yana cinyewa a hankali. Ka lura da wannan jan ɗigon, a gefe kaɗai za ka gan shi.

Don me murhun gas ke ba da shuɗi zalla?

An gauraya gas ɗin da iska tun kafin ya kai bakin wuta, kunkunniya ba ta samu damar haɗuwa ba. In naka ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, iska ta gaza, kuma hakan na iya haifar da iskar CO mai kisa wadda ba ta da wari. Buɗe taga, a duba murhun. Wannan kam ban yarda a yi min gardama a kai ba.

Wai da gaske ne a sararin samaniya wutar kyandir zagaye take?

Da gaske ne, an gwada a cikin kumbo. A nan ƙasa iska mai zafi tana hawa sama saboda ta fi mai sanyi rashin nauyi, ita ce ke jan harshen ya yi tsini, ta kuma jawo sabuwa ta gindi. A can babu wannan hawan, oksijin sai dai ya sulalo a hankali ta kowane gefe. Harshen ya zama ɗan ƙwallo, ƙonewar ta yi sanyi-sanyi, kunkunniya ba ta cika samuwa ba, sai rawayan ya ɓace a bar shuɗi dishi-dishi.