Satifiket ɗin "Lid Odita" na ISO 9001: me yake nufi, me ake so ka zo da shi?

A tallan neman ma'aikata na masana'antun abinci, magunguna da siminti, ana yawan ganin sharaɗin cewa mai nema ya kasance "Lid Odita" na ISO 9001. Mun saba jin odita a maganar kuɗi, kamar Odita Janar. Wannan oditan ba ya ƙirga kuɗi. Aikinsa ya shiga kamfani ya duba ko tsarin da aka shimfiɗa don tabbatar da ingancin kaya ya cika sharuɗɗan ISO 9001, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sarrafa inganci, kuma ko abin da aka rubuta a takarda shi ake yi a bakin inji. Lid Odita shi ne jagoran tawagar masu binciken: shi ke tsara ranaku, ya raba aiki, ya jagoranci taron buɗewa da na rufewa.

Ita hukumar ISO da ke Janiba ba ta ba kowa satifiket, kamfani ko mutum. Rubuta ƙa'idoji kawai take yi. Takardar odita tana fitowa daga wasu ƙungiyoyi, waɗanda aka fi sani su ne CQI da IRCA ta Birtaniya, ASQ ta Amurka, Exemplar Global, da PECB ta Kanada. Kowace da irin ilimin da take ɗauka cewa ka riga ka mallaka kafin ka zo, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu.

Kwas ɗin Lid Odita da CQI da IRCA ta amince da shi kwana 5 ne, kimanin awa 40, ana auna ɗalibi a cikin aji kullum, sannan jarrabawa a ƙarshe. Da yawa suna biyan kuɗi da zaton za a koya musu ISO 9001 daga farko. Ba haka aka gina shi ba. Abin da ake koyarwa shi ne yadda ake bincike, bisa jagorar ISO 19011: tsara bincike, yi wa ma'aikaci tambaya, zaɓen samfuri daga tarin takardu, rubuta rahoto. Ita ISO 9001 ɗin, an ɗauka ka santa. Ana so ka zo da sanin zagayen nan na tsara, aiwatar, duba, gyara. Da tushe 7 na sarrafa inganci da ma'anar kalmomi da ke cikin ISO 9000. Da sharuɗɗan da ke sashe na 4 zuwa na 10 na ISO 9001 bugun 2015. Shi ya sa ake da gajeren kwas na share fage daban. Wanda ya tsallake shi ba tare da ya karanta da kansa ba, rana ta biyu zai ga ana gudu yana rarrafe.

Wane irin sani ake nufi? Ba hadda ba. Bari in kawo misali na kamfanin casar shinkafa, irin waɗanda ke Kano da Kebbi, mai cika buhu kilo 50.

Odita ya shiga wurin cika buhu a watan Yuni. A jikin sikelin akwai 'yar takarda da ke nuna cewa wa'adin sake daidaita shi ya cika tun Maris. Tsarin kamfanin da kansa ya ce duk wata 6 za a daidaita. Wanda bai san ƙa'idar ba zai rubuta "sikeli ba shi da kyau", ko ya ce "ISO ta ce a daidaita sikeli duk shekara". Dukansu kuskure ne. Na farko ra'ayi ne ba hujja ba, don bai gwada sikelin ba. Na biyu ƙage ne, domin ISO 9001 ba ta yanka wa kowa wa'adi ba. Sashe na 7.1.5.2 cewa ya yi, inda ake buƙatar awon da za a iya bin sawunsa, a daidaita ko a tantance kayan awo a lokutan da aka ƙayyade ko kafin amfani. Kamfani ne ke ƙayyade lokacin, kuma shi ya ce wata 6.

Don haka rahoton da ya dace yana da abu uku a haɗe: sharaɗin da aka saɓa, wato 7.1.5.2 tare da tsarin kamfanin. Hujjar da aka gani, wato sikeli mai lamba kaza a layi na 2, wa'adinsa ya wuce da wata 3 kuma ana aiki da shi. Sai bayanin saɓawar a jimla ɗaya wadda manajan ba zai iya musantawa ba.

Wanda ya san ƙa'idar da kyau ba zai tsaya nan ba. Wannan sashen ya ƙara da cewa idan aka gano na'urar awo ba ta dace da aikinta ba, dole kamfani ya duba ko awon da aka yi a baya ya gurɓata. To, idan aka gwada sikelin aka ga buhun da yake kira kilo 50 ashe 49.2 ne, ina buhunan da suka fita tun Maris? Wa ya saya? Daga nan zai koma sashe na 8.7, yadda ake killace kayan da ba su cika sharaɗi ba, sai 10.2, ko an nemo musabbabin matsalar ko sikelin kawai aka gyara aka yi shiru. Zai kuma tambaya me ya sa binciken cikin gida na sashe na 9.2 bai kama wannan ba. Daga 'yar takarda guda a jikin sikeli ya ratsa sassa huɗu. Wannan shi ne sanin da ake ɗauka kana da shi: ka ga abu a ƙasa, ka san gidansa a cikin ƙa'idar, ka san maƙwabtansa.

Akwai alamar da ke tona wanda iliminsa ya tsufa. Zai nemi kundin inganci ko wakilin shugabanni, in bai samu ba ya rubuta laifi. Bugun 2008 ya wajabta su, na 2015 ya sauke wajibcin. Abin yana damuna ƙwarai, domin irin wannan rahoton yana sa ƙaramin kamfani ya ɓata makonni yana rubuta takardun da ba wanda ya ɗora masa.

Takardar oditan inganci ta ASQ, wadda ake kira CQA, hanyarta daban. Ba a ɗaure ta da ISO 9001 kaɗai ba. Tana gwada sanin aikin bincike gaba ɗaya, da ɗa'ar odita, da kayan aikin inganci kamar ɗibar samfuri da lissafin ƙididdiga. Ana shiga jarrabawarta da littattafai a buɗe, amma sai mutum ya yi shekara 8 a aiki, 3 daga ciki a matsayin mai yanke shawara, kodayake digiri yana rage wasu shekarun. Mai CQA zai iya ƙwarewa a bincike amma ya buƙaci zama ya karanta sassan ISO 9001 kafin a tura shi.

Sai kuma ruɗanin da ya fi yawa: cin jarrabawar kwana 5 bai mai da mutum Lid Odita mai rajista ba. Takardar tana shaida cewa ya kammala horo. Rajista da IRCA mataki ne na daban, ana neman shaidar ƙwarewar aiki da jerin binciken da mutum ya yi, har da waɗanda ya jagoranta. Kamfanonin da ke ba da satifiket na ISO 9001 su ma, bisa ISO/IEC 17021-1, sai sun tantance ƙwarewar oditansu a fannin da za su tura shi. Wanda ya ƙware a masana'antar shinkafa ba za a tura shi asibiti kai tsaye ba.

Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin, ga gwajin da za ka yi wa kanka. Sami kwafin ISO 9001 na 2015, ka zagaya wurin aikinka, ka zaɓi matsaloli 5 da ka gani da idonka. Ga kowace, nemo sashen da ta saɓa, ka rubuta sharaɗi, hujja da bayani. Idan a uku daga ciki sai da ka yi ta jujjuya shafuka ba ka san inda za ka dosa ba, fara da kwas ɗin share fage ko na binciken cikin gida mai kwana 2, ka bi tawagar bincike sau biyu ko uku a kamfaninku, sannan ka koma ga na kwana 5.