Mene ne gwajin karantuwar haruffa?

Gwajin karantuwa shi ne a ba mutane rubutu su karanta, ana riƙe da agogo ana ƙirga tuntuɓensu, kafin a tsayar da salon haruffan da za a buga aiki da shi. Idon mai tsara shafi ba ya isa, domin ya riga ya san abin da aka rubuta.

A rubutun Hausa, wurin da salo ya fi bayar da kunya shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ ta rubutun Nijar. Wani salon ba shi da su kwata-kwata, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri, ka ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko ta ɗan karkace. Wani kuma yana da su, amma lanƙwasar ƙarama ce, da an rage girma ko tawada ta yi yawa sai ta ɓace.

A ce littafin karatu na firamare za a buga, ana shawara tsakanin salon haruffa biyu: Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara don masu koyon karatu, da Noto Sans. Fara daidaita su da ido, yadda ƙananan haruffa irin a da n za su zo tsayi ɗaya, saboda girma mai lamba 14 a wannan salo ba lallai ta yi daidai da 14 a wancan ba. Sannan ka shirya gajerun labarai biyu masu wahala ɗaya, kowanne kalma 100, ka buga a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita. Nemi yara takwas zuwa goma. Kowane yaro ya karanta duka salon biyu a bayyane, amma rabinsu su fara da Andika, rabi da Noto Sans, a kuma riƙa musanya labaran. In ba haka ba, salon da ya zo na biyu zai ci ribar sakin jikin da yaro ya yi.

Labari kaɗai yana ɓoye aibi. Yaron da ya ga "ya taka ƙasa" zai faɗa daidai ko bai ga lanƙwasar ba, don ma'ana ta ja shi. Saboda haka a haɗa da jerin kalmomi tsiraru a gauraye: kafa da ƙafa, bata da ɓata, fada da faɗa, baki da baƙi.

Wajen duba sakamako, kuskure ya fi daƙiƙa nauyi. Bambancin daƙiƙa biyu ko uku a yara goma ba hujja ba ne. Amma idan shida sun ce "kafa" a wurin "ƙafa" a salo guda, a ajiye shi, ko a ƙara girmansa a sake gwadawa da wasu yaran dabam. Tambayar "wanne ya fi burge ka?" a bar ta sai ƙarshe, don sau da yawa mutum yakan zaɓi wanda ya saba gani ne kawai.