Akwatin sa'a da tayin saye a wasannin waya

Akwatin sa'a wani abu ne da ake sayarwa a cikin wasannin waya, wanda mai saye ba ya sanin abin da zai samu sai bayan ya biya. Yana iya fitowa da siffar akwati, ko kati, ko faifai mai juyawa, kuma a fuskar waya akan rubuta masa Crate, Chest, Spin ko Wish. Ya bambanta da sayen kai tsaye, inda yaro yake ganin riga ko makami da farashinsa, ya biya, ya karɓa. A nan abin da ake biya wa kuɗi shi ne damar gwadawa. Galibin wasannin da ke da shi kyauta ake saukar da su, kuma ta wannan hanya masu su suke samun kuɗin shiga.

Abin da ke kan fuskar wayar

Shafin tayi yakan cika ido da hoton kyauta mafi tsada, da agogo mai ƙirga kwanakin da suka rage kafin a janye tayin. Hoton nan ba shi ake sayarwa ba. Shi ne abu mafi wuyar fitowa a cikin dukkan abin da akwatin ya ƙunsa.

Daga sama, a kusurwa, akwai adadin kuɗin wasa da yaron yake da shi, da alamar + a gefe. Wannan alamar ita ce ƙofar kanti. A PUBG Mobile kuɗin wasan UC ne, a Free Fire kuwa lu'ulu'u ne. Maɓallin da ke nuna hoton lu'ulu'u ko tsaba yana cin kuɗin wasa ne, amma wanda ke ɗauke da alamar ₦ ko $ daga katin banki zai cira. Da zarar an danna shi, sai wani shafi na Google Play ko App Store ya taso daga ƙasa da sunan kaya da farashi da katin da za a cira.

Abin da ya fi amfani ga uba ko uwa shi ne mafi ƙanƙanta a shafin: ɗan maɓalli mai rubutun Details ko Rates, wani lokaci harafin i ko alamar tambaya kawai. A can aka jera yiwuwar samun kowace kyauta. Kamfanin Apple ya wajabta bayyana waɗannan alƙaluma kafin saye tun Disamba 2017, Google Play ya biyo baya a 2019, ƙasar Sin kuma ta riga su da dokarta da ta fara aiki a Mayu 2017. Saboda haka wasan da ke sayar da akwati ba tare da wannan jeri ba ya saɓa wa ƙa'idar kantin da aka sauko da shi.

Lissafin wasa guda

Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, ya dace da misali domin alƙalumansa a rubuce suke. Gwaji ɗaya yana cin Primogems 160, wato kuɗin wannan wasan. Yiwuwar samun jarumi mai tauraro biyar, wato mafi daraja, a gwaji ɗaya kashi 0.6 ne cikin ɗari, wato shida cikin dubu. Maɓallin gwaji goma yana cin 1,600, kuma ba ya ƙara wa kowane gwaji sa'a. Idan aka haɗa goman a farkon fara gwaji, yiwuwar ganin tauraro biyar kusan kashi 6 ce cikin ɗari.

Wasan yana da lamuni: in an yi ta gwadawa ba a samu ba, to a gwaji na 90 dole tauraro biyar ya fito. Wannan ne ya sa shafin yake nuna alƙalami na biyu, kashi 1.6 cikin ɗari, wanda matsakaici ne da ya haɗa har da lamunin. Yara sukan kawo wannan hujja su ce ai tabbas ne. Gaskiya ne, amma da saura. Jarumin da ya fito ba lallai ne ya zama na jikin hoton ba, domin abin kusan rabi da rabi ne. In wani daban ya fito, sai tauraro biyar na gaba ne aka tabbatar zai zama na hoton. Ke nan mafi munin hali gwaji 180 ne, wato Primogems 28,800.

Yanzu a mayar da shi kuɗi. Ba a sayen Primogems kai tsaye. Ana sayen Genesis Crystals ne, sannan a canza kowane ɗaya zuwa Primogem ɗaya. A farashin dala, ƙunshin 99.99 yana ba da 8,080 har da gyara, wanda ya isa gwaji 50. Gwaji ɗaya ya tashi kusan dala biyu ke nan, kuma wanda zai biya gwaji 180 daga aljihunsa zai kashe fiye da dala 350. Wasan yana ba da Primogems kyauta ga mai yawan bugawa, kuma yawancin 'yan wasa suna samun jarumin kafin su kai ƙarshen lamuni, don haka wannan adadi iyaka ce ta sama. Amma ita ce ta dace iyaye su riƙe, tunda ita kaɗai ce tabbas.

Ƙananan ƙunsoshi su ma abin dubawa ne. Na 0.99 yana ba da 60, bai kai gwaji ɗaya ba. Na 14.99 yana ba da 1,090, wato gwaji shida da ragowar 130, saura 30 kacal a kai na bakwai. Ragowar nan ita ke jan mutum ya sake saye. A Janairu 2025 kamfanin da ke rarraba wasan ya amince ya biya hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, dala miliyan 20, bayan zargin cewa sauye-sauyen kuɗin wasa sun ɓoye wa yara ainihin farashi. Yarjejeniyar ta kuma hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwati a Amurka sai da izinin iyaye.

Kuskuren da aka fi yi

Mutane da yawa, har manya, suna ɗauka cewa kashi 1 cikin ɗari yana nufin in an gwada sau ɗari za a samu. Inda babu lamuni, kowane gwaji sabo ne, ba ya tuna na baya. Cikin mutum ɗari da kowannensu ya gwada sau ɗari, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Akwai kuma jerin da ke ba da kashi ɗaya ga rukuni gaba ɗaya. In an ce rukunin ƙoli kashi 2 ne, alhali kaya goma ne a ciki masu sa'a daidai, to abin da yaron yake so kashi 0.2 ne. Wannan kamanni da caca ne ya sa hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan da ta bincika, waɗanda ake saya da kuɗi, sun saɓa wa dokar caca ta ƙasar.

Kulle saye da duba abin da aka kashe

A Android, saitin Google Play yana da wurin da ake buƙatar kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye, kuma Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, yana sa sayen ya jira amincewar iyaye. Idan yatsan yaron yana cikin waɗanda ke buɗe wayar, kalmar sirri ta fi tsaro. A iPhone ana rufe In-app Purchases a ƙarƙashin Screen Time, ko a kunna Ask to Buy, wanda ke neman izinin iyaye kafin saye. Waɗannan makullai ba sa kama kuɗin wasa da aka saya ta shafukan intanet ko wajen masu sayarwa a hannu, kamar yadda matasa suke yi da UC.

Rasit na Google yana zuwa imel da lamba mai farawa da GPA, kuma ana ganin jerin saye a Payments & subscriptions. Google yana karɓar neman mayar da kuɗin irin wannan saye cikin awa 48, bayan haka sai a nemi masu wasan. Na Apple ana nema ta reportaproblem.apple.com. Wasu wasanni suna cire kuɗin wasan da aka mayar, ko su dakatar da asusun yaron har sai an cike gibin.