Kuɗin da aka turo daga waje sun maƙale: me za a rubuta wa wakilin aika kuɗi?

Tambaya: Yayana ya turo mini riyal 1,500 daga Jidda ranar Alhamis da yamma, yau Litinin ban ga alat ba. Ni zan rubuta wa wakilin ko shi?

Amsa: Shi ya fi dacewa ya rubuta. Da shi kamfanin ya ƙulla ciniki, sunansa da katin shaidarsa ne a kan rasidi, kuma shi kaɗai ake bari ya gyara suna, ya soke aiken, ko ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Kai naka ɓangaren yana bankinka a gida.

Kafin a ce kuɗi sun makara, a ƙirga ranakun aiki. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Saudiyya, a Najeriya kuwa Asabar da Lahadi. Idan aikin ya faɗa cikin waɗanda sai ma'aikaci ya duba da idonsa, Litinin ce rana ta farko da ɓangarorin biyu ke ofis tare. Ya duba rasidin, galibi akwai ranar da aka ce kuɗin za su isa. Idan ta wuce, a rubuta.

Tambaya: Wace lamba ake nema? Rasidin cike yake da lambobi.

Amsa: Lambar bibiya, wadda kamfanin ya bai wa wannan aikin shi kaɗai. A Western Union ana kiranta MTCN, lambobi 10 ce. Ta MoneyGram lambobi 8 ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo lambar rasidin shago ko lambar katin mai aikawa, wakili ya saka a kwamfuta ya ce bai ga komai ba, a yi asarar kwana guda a banza. A ƙirga lambobin kafin a tura.

Idan daga banki zuwa banki aka aika ta hanyar SWIFT, abin nema daban ne: lambar bibiya da ake kira UETR, mai haruffa da lambobi 36 idan an haɗa da 'yan layukan da ke tsakani, da kuma takardar shaidar aikawa da ma'aikatan banki suka saba kira MT103. Da UETR ake gano bankin da kuɗin suka tsaya a cikinsa a kan hanya.

Tambaya: To, yaya saƙon zai kasance?

Amsa: Gajere, amma wanda ma'aikacin da bai taɓa ganin mai aikawa ba zai iya gano aikin da karatu ɗaya. Ga fasalinsa, sai a juya shi zuwa harshen da wakilin ke ji:

"Assalamu alaikum. Ina neman a bibiyi kuɗin da na aika daga reshenku na Jidda ranar Alhamis, 6 ga Maris 2025, da misalin ƙarfe biyar na yamma. Lambar bibiya ita ce (a rubuta ta cikakkiya). Na aika riyal 1,500 zuwa asusun banki a Najeriya. Sunana kamar yadda yake a rasidi shi ne kaza, sunan mai karɓa kaza, bankinsa kaza, lambar asusun ta ƙare da 4417. An ce za su isa ranar kaza, amma har safiyar yau mai karɓa ya duba bayanan asusunsa, ba su shiga ba. Ina roƙon a sanar da ni abu uku: shin kuɗin suna hannunku ko kun miƙa su ga abokin hulɗarku a Najeriya, idan kun miƙa, a ba ni rana da lokaci da lambar shaidar biyan, idan an riƙe su, a gaya mini takardar da ake buƙata. Don Allah a ba ni lambar wannan ƙorafin. Ga hoton rasidi."

A lura an rubuta sunan wata da kalmomi. 06/03 wani zai karanta 6 ga Maris, wani 3 ga Yuni. Sunaye kuma a kwafe su harafi da harafi daga rasidi, ko da an rubuta su ba daidai ba, domin watakila kuskuren nan ne ya tsayar da kuɗin. Lambar ƙorafi ita ce za a ambata a duk saƙon da zai biyo baya, kada kullum a fara bayani daga farko wurin sabon ma'aikaci.

Tambaya: Wakilin ya amsa cewa an biya, banki kuma ya ce bai ga komai ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Sau da yawa dukansu, kuma a nan mutane suka fi wahala. Tun ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a Janairun 2024, kuɗin da kamfanonin aika kuɗi suka shigo da su da naira ake biyan su, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 asusu ake sakawa. Riyal 1,500 dala 400 ce, tunda riyal 3.75 ke yin dala ɗaya, don haka asusu za su shiga. Matakin ƙarshen nan yawanci ta tsarin NIP na tsakanin bankunan gida yake bi, daga asusun abokin hulɗar kamfanin zuwa naka. Da zarar an kai nan, bankinka ba ya ganin MTCN. Abin da yake iya nema da shi shi ne Session ID, lambar shaidar biya ta NIP, mai lambobi 30.

Saboda haka saƙo na biyu zuwa ga wakilin layi biyu ne kawai: a ambaci lambar ƙorafi, a nemi Session ID da adadin nairar da aka biya da lokacin biya. Adadin nairar yana da amfani sosai, domin kana iya neman sunan yayanka a bayanan asusu, alhali kuɗin sun shigo da sunan wani kamfani da ba ka sani ba. Rashin alat ba shaida ba ne, a ciro bayanan asusu na kwanakin a duba. Idan babu su, ka kai Session ID ɗin teburin kula da abokan ciniki, su duba ko kuɗin sun shigo an dakatar, ko an mayar da su.

Abubuwan da ke jawo mayarwa sanannu ne: sunan da ke rasidi bai dace da na asusu ba, kamar Muhammad da Mamman, ko an tsallake suna ɗaya, an yi kuskure a lambar asusu mai lambobi 10, asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba har an rufe shi na wucin gadi, ko kuwa ƙaramin asusu ne mai iyaka, wanda adadin ya fi ƙarfinsa. Idan an mayar, kuɗin wurin kamfanin suke komawa, sai mai aikawa ya gyara bayanan ko ya karɓe su.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce daga kamfanin yake, in ba shi lambar ya sako kuɗin. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi. A aikin da ake karɓa a hannu, lambar bibiya da sunan mai karɓa su ne rabin mabuɗin kuɗin. A tura ta kawai ta lambar waya ko adireshin da ke kan rasidi ko cikin manhajar kamfanin, kuma kada a sa hoton rasidi a zauren WhatsApp ana neman shawara. Bibiyar kuɗi ba ta buƙatar lambar sirrin katinka, ko lambar OTP da banki ya turo maka, ko biyan wani abu kafin a sako kuɗin. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu, ka kashe wayar, yayanka ya kira reshen da ya aika daga ciki ya tambaya da lambar ƙorafinsa.